Yadda ake karɓar kaya a sito, a gwada su da takardar oda, a rubuta abin da ya gaza

Tambaya: Assalamu alaikum. An ɗauke ni aikin kula da sito a wani kamfanin rarraba kayan abinci a Kano, kuma ban daɗe da kama aiki ba. Makon jiya tirela ta kawo shinkafa da yamma, na sa wa direba hannu a webil ya tafi, da muka sake ƙirgawa washegari sai muka tarar buhu shida babu. Don Allah, Malam, mene ne ainihin tsarin karɓar kaya, yaya ake gwada su da takardar oda, kuma ina ake rubuta gibi idan an samu?

Amsa: Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Duk kayan da suka iso ƙofar sito suna tafe da adadi iri uku, kuma babban aikin mai karɓa shi ne ya hana su cakuɗewa. Akwai adadin da kamfaninku ya nema, wanda yake rubuce a takardar oda. Akwai adadin da mai sayarwa ya ce ya ɗora a mota, wanda yake rubuce a webil. Akwai kuma adadin da ya sauka a gabanka, shi kuwa wannan babu takardar da take ɗauke da shi sai wadda kai ka rubuta bayan ka ƙirga. Idan aka samu bambanci tsakanin oda da webil, to tun daga wurin lodi mai sayarwa bai cika ba, kuma da shi za a yi magana. Idan bambancin yana tsakanin webil da abin da ya sauka, to ko dai an yi kuskure wajen lodi ko kayan sun salwanta a hanya, kuma direba ne mutum na farko da zai shaida hakan. Duk matakan da zan faɗa an tsara su ne domin waɗannan adadai uku su fito a rubuce, kowanne a gurbinsa, tun motar ba ta bar harabarku ba.

Aikin yana farawa tun kafin motar ta iso. Wajibi ne sashen sayayya ya ba ka kwafin kowace takardar oda da zarar an aika wa mai sayarwa, ka ajiye ta a fayil ɗin kayan da ake jira. A ofisoshi da yawa za ka ga an rubuta mata LPO, kuma tana da lamba, wadda da ita ake bin diddigin cinikin har zuwa ranar biya. Ka karance ta da natsuwa, ka san irin kayan, da sunan kamfanin da ya yi su, da girman kowane ɗaya, da adadi, da wurin da za a sauke, da kuma wanda ya ɗauki nauyin kawowa. Girman kaya shi ne inda aka fi yin tuntuɓe, domin jarkar man girki mai lita 25 da mai lita 20 duk jarka ake kiransu, haka nan buhu mai kilo 50 da mai kilo 25 duk buhu ne a bakin direba. Idan oda ta ce katan ɗari na taliya, ka san guda nawa ne a cikin katan, kuma kowace leda giram nawa ce. Motar da ta zo da kayan da ba ka da takardar odarsu, kada ka bari a sauke ko buhu ɗaya sai sashen sayayya ya ba ka umarni a rubuce, ko da saƙon waya ne da za ka iya ajiyewa.

Idan motar ta shigo, maigadi zai rubuta lambarta da sunan direba da lokacin shigowa a littafin ƙofa, kai kuma ka karɓi webil. Abu na farko da za ka duba shi ne ko kayan naku ne, domin direban da ya ɗauko lodin mutum biyu ko uku yakan miƙa takardar wani ga wani. Ka tabbatar sunan kamfaninku ne a jiki, lambar odar ta yi daidai da wadda take hannunka, kuma lambar motar da aka rubuta ita ce ta motar da take tsaye a gabanka. Idan ta bambanta, ka tambayi dalili ka rubuta, domin hakan yana nuna an sauya wa kayan mota a hanya, kuma a wurin sauyin ne kaya suka fi ɓacewa. Daga nan sai ka zagaya motar kafin a kwance komai. Idan kwantena ce ko mota mai rufaffen baya, akwai ɗan ƙarfe ko roba mai lamba da ake ɗaure ƙofa da shi, wanda ba ya buɗuwa sai an yanke shi. Ka gwada lambarsa da wadda take a webil, ka ɗauki hotonsa, sannan a yanke a gabanka da gaban direba. Idan tirela ce mai tamfol, ka dubi igiyoyin ko akwai inda aka yanke aka sake ɗaurewa, ka dubi tamfol ɗin ko ya yage, ka ɗauki hoton lodin kamar yadda ya iso.

Akwai abin da nake ganin bai kamata a sassauta a kansa ba, shi ne lokacin sauke kaya. Tirela mai ɗauke da tan 30 buhu 600 ke nan masu kilo 50, kuma sauke ta da ƙirga ta yadda ya kamata aiki ne na sa'o'i. Idan ta iso bayan la'asar sakaliya, ƙirgar za ta kai ku magariba, 'yan dako sun gaji, haske ya ragu, kowa yana son ya tafi gida. Gara motar ta kwana a cikin harabar da tamfol ɗinta a ɗaure, maigadi ya rubuta, a sauke da safe. Direba zai yi ƙorafi, wani lokaci ma da gaskiyarsa tunda yana da wani lodin da yake jiransa, saboda haka ya dace a rubuta lokutan karɓar kaya a jikin takardar oda tun farko, domin kada ya zama kai kaɗai ne kake jayayya da shi a bakin ƙofa.

Kafin a fara saukewa ka gwada webil da takardar oda layi bayan layi, ka yi alama a duk inda suka saɓa. Wannan aikin takarda ne na 'yan mintuna. Ƙirgar ce take buƙatar tsari, kuma a kanta zan fi tsayawa.

Ka ware fili a cikin sito wanda babu tsohon kaya a kusa da shi, domin da zarar sabon buhu ya hau kan tsohon tari ba za ka ƙara iya tabbatar da abin da motar ta kawo ba. Ƙofa ɗaya za a bi da kayan, kuma a dakatar da fitar da kaya ga masu saye har a gama, saboda ɗan dako mai shiga da buhu da mai fita da buhu idan suka haɗu a ƙofa ɗaya, babu mai ƙirgar da ba zai ruɗe ba. Mutum biyu ne za su yi ƙirga, ɗaya naku ɗaya na direba, kowa da takardarsa, kuma duk buhu hamsin sai a tsaya su gwada abin da suka rubuta. Amfanin tsayawar shi ne idan an saɓa, buhu hamsin kawai za a sake ƙirgawa, ba lodin gaba ɗaya ba. Wasu wuraren suna amfani da tsinke ko ƙaramar alama da ɗan dako yake miƙawa a ƙofa duk lokacin da ya shigo da buhu, kuma hanya ce mai kyau, amma ita kaɗai ba ta wadatar ba, domin alamar tana nuna sau nawa aka wuce ta ƙofa ne kawai. Abin da yake tabbatar da ƙirga shi ne jeri. A jera buhunan tari-tari masu adadi ɗaya, misali buhu biyar a kowace shimfiɗa har hawa goma, wato hamsin a kowane tari, a kan katako ba a kan siminti ba, da 'yar tazara tsakaninsu da bango. Buhu 600 zai ba ka tari goma sha biyu cif, kuma duk wanda ya shigo zai iya tabbatarwa da idonsa. Ka tsaya ka ga yadda ake jerawa, ko kuma ka hau ka leƙa ta sama, domin tari mai faɗi ana iya barin rami a tsakiyarsa, daga waje ya yi kamar cikakke.

A wuraren da suka ƙware, mai ƙirga ba ya ganin webil ko takardar oda sai ya gama. Ana ba shi sunan kayan kawai, ya ƙirga ya rubuta abin da ya samu, sannan wani ya gwada. Dalilin ba zargi ba ne. Wanda ya san ana jiran 600, idan ya samu 594 zuciyarsa za ta raya masa cewa shi ne ya yi kuskure, sai ya cike da alƙalami. Idan kai kaɗai ne ma'aikacin sito, ka ba mataimakinka ko wani daga ofis ƙirgar ba tare da ka faɗa masa adadin ba, kai kuma ka riƙe takardun.

Yayin da ake saukewa ne kuma ake duba lafiyar kayan. Duk buhun da ya jiƙe, ko ya yage, ko ɗinkin bakinsa ya bambanta da na sauran, a ajiye shi gefe kada ya shiga jeri. Ɗinkin hannu a buhun da kamfani ya ɗinke da inji alama ce ta cewa an buɗe shi. A katan kuma ka lura da wanda aka sake manne bakinsa, ko wanda ya fi 'yan'uwansa rashin nauyi, ka buɗe shi nan take. Kayan gwangwani da na leda ka duba lambar NAFDAC da lambar rukunin da aka sarrafa su da ranar ƙarewar wa'adinsu, domin kayan da saura wata ɗaya su lalace ba su cika sharaɗin oda ba ko da adadinsu ya cika. Sannan sai awo. Ka zaɓi buhu kamar ashirin da kanka, wasu daga gaban motar, wasu daga tsakiya, wasu daga baya da ƙasan lodi, ka ɗora su a sikeli ɗaya bayan ɗaya ka rubuta nauyin kowanne. Ɗan bambancin giram ɗari ko ɗari biyu, wani sama wani ƙasa, ba abin damuwa ba ne. Abin damuwa shi ne duk su karkata ƙasa. Idan buhunan suka riƙa ba da kilo 48 da rabi, to kowanne ya gaza da kilo ɗaya da rabi, kuma a lodin buhu 600 wannan kilo 900 ne, daidai da buhu 18, alhali ƙirga ta nuna komai ya cika. Idan samfurin ya nuna haka, sai a faɗaɗa awon, a kuma tabbatar sikelin ku ne ba ya da matsala ta hanyar gwada shi da abin da aka san nauyinsa.

Inda ake da sikelin manyan motoci, ana auna motar da kayanta sannan a sake auna ta bayan an sauke, bambancin shi ne nauyin kayan. Yana da amfani ƙwarai ga hatsin da ake saye da tan, amma ba ya maye gurbin ƙirga, domin mutum ɗaya da ya zauna a cikin motar a awon farko ya fita a na biyu ya isa ya ɓoye gibin buhu guda.

Bari mu ɗauki misali mai kama da naka mu bi shi har ƙarshe. Takardar oda ta ce buhu 600 na shinkafa mai kilo 50, mu ƙaddara a kan naira 60,000 kowane buhu. Webil ya ce an ɗora 580. Da aka ƙirga sai aka samu 574, kuma a cikinsu biyar sun jiƙe, uku sun yage sun zubar. A nan akwai matsaloli uku daban-daban, kuma kuskure ne a haɗa su a ce kawai kaya ba su cika ba. Buhu 20 mai sayarwa bai aiko ba tun farko, wannan ragowar oda ce da ake binsa. Buhu shida an ce an ɗora amma ba su iso ba, wannan shi ne gibi. Buhu takwas sun iso amma ba a halin da za a karɓa ba. Abin da zai shiga sito a matsayin kaya lafiyayye shi ne 566.

Da zarar ƙirga ta nuna 574, sai a sake ƙirga jerin tare da direba, a kuma hau motar a duba lungunanta da ƙarƙashin tamfol. Idan adadin ya tabbata, sai ka rubuta a jikin webil ɗin kansa, kusa da inda za ka sa hannu, kuma a kan dukkan kwafinsa, musamman wanda direba zai koma da shi. Rubutun ya zama da adadi, kamar haka: “An sauke buhu 574 cikin 580 da aka rubuta, buhu 6 babu. A cikin 574, buhu 5 sun jiƙe, buhu 3 sun yage, ba a karɓe su ba. An karɓi buhu 566.” Ka rubuta adadin da lamba da kuma kalmomi domin kada a gyara, ka sa kwanan wata da lokaci da cikakken sunanka, direba shi ma ya rubuta sunansa da lambar wayarsa ya sa hannu a ƙarƙashi. Kada ka goge 580 ɗin da mai sayarwa ya rubuta ko ka rubuta a kansa, domin shi ma hujja ce. Naka adadin ka rubuta a gefensa. Idan kamfaninku yana da kan sarki na karɓar kaya, kada a buga shi sai an gama wannan rubutun. Buhu takwas ɗin da aka ƙi, ko dai su koma cikin motar a rubuta cewa direba ya tafi da su, ko a ajiye su a wuri na daban da alama a jikinsu har mai sayarwa ya faɗi abin da za a yi da su. Idan za a ajiye, a auna waɗanda suka yage a rubuta nauyin da ya rage, don kada daga baya a ce a hannunku suka zube.

Direba yakan ƙi sa hannu, domin ya san mai motar zai iya cire kuɗin daga haƙƙinsa. Kada ka yi faɗa da shi, kada kuma ka tsare motar da ƙarfi. Ka kira manajanka ko wani daga sashen sayayya ya zo ya shaida, a kira mai sayarwa a waya a gaban direban, ka rubuta a webil cewa direba ya ƙi sa hannu a gaban wane da wane, su kuma su sa nasu hannun. Akwai kuma tayin da za ka ji sau da yawa, wato direba ya ce ka sa hannu a kan 580 zai kawo shidan a zuwa na gaba, ko ya ce zai biya ka kuɗinsu a hannu a rufe maganar. Kada ka karɓi ko ɗaya, ko da kun saba kuma ka san shi da gaskiya. Ranar da ka sa hannu a kan adadin da ba ka gani ba, bashin ya tashi daga kansa ya dawo kanka, kuma idan aka sauya masa hanya ko ya bar aikin, takardar da za ta rage ita ce mai ɗauke da sunanka. Idan yana son ya biya, ya biya kamfani ta ofishin akanta a ba shi rasit.

Bayan motar ta tafi sai takardar shaidar karɓar kaya, wadda a manhajojin lissafi da fom ɗin kamfanoni ake rubuta mata GRN, a ma'aikatun gwamnati kuma SRV. Ita ce takardarku ta cikin gida, tana da lamba a jere, kuma a ranar ake cika ta. Za ka sa lambar oda da lambar webil da lambar mota da sunan mai sayarwa, sannan a gurbin adadi ka rubuta abin da aka nema 600, abin da aka aiko 580, abin da aka karɓa 566, abin da aka ƙi takwas, gibi shida, tare da dalili. Kuskuren da sababbin ma'aikata suka fi yi shi ne su kwafi adadin webil zuwa wannan takarda da niyyar gyarawa daga baya. Da zarar 580 ya shiga littafi, lissafin kamfani yana cewa kana riƙe da 580, kuma ranar da odita ya zo ƙirga za a nemi buhu 14 a wurinka, ba tare da kowa ya tuna da wata mota da ta zo watanni uku da suka wuce ba. Katin kayan da yake rataye a jikin tari shi ma 566 za a ƙara masa. Kwafi ɗaya na takardar yana zuwa sashen sayayya, ɗaya ofishin akanta, ɗaya yana zama a littafinka. Idan ka yi kuskure wajen cikawa, ka ja layi ɗaya a kai ka sa hannu a gefe, idan kuma takardar ta lalace gaba ɗaya ka rubuta an soke ka bar ta a cikin littafin, domin lambar da ta ɓace a jeri ta fi kuskuren kansa jawo tambaya.

Tare da ita za ka rubuta rahoton gibi, wanda bai wuce shafi ɗaya ba: abin da ya gaza, nawa ne, halin da motar ta iso, waɗanda suka yi ƙirga, da hotuna da kwafin webil mai ɗauke da rubutunka. Sashen sayayya ne zai aika wa mai sayarwa a rubuce, kuma ya kamata ya tafi a ranar ko washegari, domin yawancin masu sayarwa da kamfanonin inshora suna da gajeren wa'adi na karɓar ƙorafi, wanda akan rubuta a bayan webil ko a cikin yarjejeniya. Amfanin wannan duka yana fitowa ne a teburin akanta, inda ake haɗa takardu uku kafin a biya: takardar oda, da takardar shaidar karɓa, da takardar neman biya ta mai sayarwa. A misalinmu mai sayarwa zai nemi kuɗin buhu 580, wato naira 34,800,000, alhali kuɗin 566 naira 33,960,000 ne. Bambancin naira 840,000 ne, kuma akanta zai riƙe shi har mai sayarwa ya aiko da takardar rage kuɗi ko ya kawo buhu 14 a madadinsu. Ragowar buhu 20 kuma odar tana nan a buɗe a kansu, sai sun iso da nasu webil a yi musu tasu takardar karɓa, ko sashen sayayya ya rufe odar a rubuce. Wa zai ɗauki asarar shidan kuwa, ya danganta da wanda ya ɗauko motar. Idan mai sayarwa ne ya yi alkawarin kawowa har ƙofarku, shi zai cike ya je ya nemi mai motarsa. Idan ku ne kuka aika mota ta ɗauko daga wurinsa, kuma direbanku ya sa hannu a kan 580 a can, to maganar tana tsakaninku da mai motar ko kamfanin inshora.

Doka ma a kan wannan tsarin take tafiya. Dokar sayar da kaya ta Ingila ta 1893, wadda dokokin cinikin kaya a Najeriya suka samo tushe daga gare ta, ta ce a sashe na 30 idan mai sayarwa ya kawo ƙasa da abin da aka yi ciniki, mai saye yana da damar ya ƙi karɓa, idan kuma ya karɓa sai ya biya kuɗin abin da ya karɓa a kan farashin yarjejeniya. Sashe na 34 kuma ya ba mai saye haƙƙin a ba shi damar duba kayan. Haƙƙin yana nan, amma tabbatar da shi yana buƙatar hujja, kuma webil da aka sa wa hannu ba tare da wani ƙorafi a jiki ba hujja ce a hannun mai sayarwa.

Idan ƙari aka samu, tsarin bai sauya ba. Buhun da ya haura abin da aka rubuta ba na sito ba ne kuma ba na mai sito ba ne. A rubuta shi a webil da rahoto, a ajiye shi gefe har a san ko za a mayar ko za a biya. Kada ka ajiye shi don cike gibin wata rana, domin galibi na wani mai saye ne da za a sauke wa a gaba, kuma za a dawo nemansa. Haka nan idan aka kawo wani iri a madadin wanda aka yi oda, sashen sayayya ne yake da ikon amincewa, ba kai ba.

Akwai kayan da ba za a iya buɗe su duka a gaban direba ba, kamar katan dubu na sabulu ko kayan gyaran inji a akwatuna. A nan za ka ƙirga katan ɗin, ka buɗe samfuri, ka rubuta a webil cewa an karɓi katan kaza a rufe, an buɗe kaza, ba a duba cikin sauran ba. Wannan rubutun yana da amfani, amma bai kai rubuta ainihin gibi ƙarfi ba, saboda haka a duba sauran cikin kwana ɗaya ko biyu, a gaban shaida, kuma duk katan ɗin da aka samu da gibi a ajiye shi da kwalinsa da mannensa kamar yadda yake. Ya kuma kamata wanda ya rubuta oda kada ya zama shi ne mai karɓa, mai karɓa kuma kada ya zama mai amincewa da biya. A ƙaramin kamfani da ma'aikata ba su da yawa, aƙalla mutum na biyu ya tsaya a wurin ƙirga ya sa hannu.

Game da buhunanka shida, gaskiya matsayinka yana da rauni tunda hannunka yana kan cikakken adadi, amma akwai abin da za ka yi yanzu. Ka rubuta wa manajanka rahoto mai kwanan wata, ka faɗi lokacin da motar ta iso, da yadda aka yi ƙirgar, da waɗanda suke wurin, da lokacin da aka gano gibin. Ka duba littafin ƙofa da takardun fitar da kaya na wannan yammacin da na safiyar washegari, domin idan an fitar da shinkafa tsakanin ƙirgar farko da ta biyu, wataƙila daga sabon tarin aka ɗauka. Ka ƙirga tsohon kayan ma, ko buhunan sun hau wani tari. Sashen sayayya ya nemi mai sayarwa ya duba takardar ƙirgarsa ta lodi da ta sikelinsa, ya kuma tambayi ko motar ta sauke wa wani kafin ku ko bayanku, da ko an samu ƙari a can. Idan an riga an rubuta cikakken adadin a takardar shaidar karɓa, kada ka gyara ta da kanka. Akanta ne zai yi takardar daidaita lissafi da amincewar manaja, a haɗa ta da rahotonka, sannan a rage shidan daga katin kaya.